Idan manhaja ta ce 'ba ka cancanta ba': Wa ke auna adalcin na'urar da ke raba bashi da aiki?

A Wurno da sauran garuruwan ƙaramar hukumar Birnin Kudu, har zuwa Gwaram, watan Yuni wata ne na neman kuɗi. Ruwa ya fara sauka, ana buƙatar iri da taki da kuɗin huɗa, alhali abin da aka samu da kaka ya riga ya tafi a abinci da hidimar iyali. A da, mai neman bashi yakan je wurin ɗan'uwa ko dillalin hatsi ko mai kanti, ko kuma ya roƙi uwar adashe ta ba shi kwasar farko. Yanzu an samu wata ƙofar a cikin waya, wato manhajojin bayar da bashi irin su FairMoney da Carbon da Branch da PalmCredit da OKash, waɗanda ke ba da amsa cikin 'yan mintuna.

A mafi yawan lokuta babu mutumin da ke karanta buƙatar kafin amsar ta fito. Wani tsarin lissafi ne, wanda masu fasaha ke kira algoridim, ke duba bayanan mai nema, ya ba shi maki, sannan ya yanke ko za a ba shi, nawa za a ba shi, da kuma ruwan da za a ɗora masa. Tsarin bai san ɗan wane ba, ba ya karɓar na goro, ba ya kuma tambayar jam'iyya. Duk da haka yana iya rufe ƙofa a fuskar rukunin mutane guda ba tare da kowa ya ƙudurci hakan ba. Fahimtar yadda wannan ke faruwa ita ce hanya mafi sauƙi ta gane abin da ake nufi da ɗa'a a harkar fasaha.

Yadda na'urar ke yanke hukunci

Kamfani yana farawa ne da tarihin mutanen da ya taɓa bai wa bashi: wane ya biya a kan lokaci, wane ya yi jinkiri, wane ya gudu. Sai a sa kwamfuta ta binciko halayen da suka fi yawa a tsakanin masu biya da waɗanda suka fi yawa a tsakanin masu ƙin biya. Idan sabon mutum ya zo, sai a gwada shi da waɗancan. Wanda ya yi kama da masu biya makinsa ya hau, wanda bai yi kama da su ba makinsa ya sauka.

Bayanan da aka fi dogara da su sun haɗa da lambar BVN, da shige da ficen kuɗi a asusun banki, da irin wayar da mutum ke riƙe, da daɗewarsa da layinsa, da kuma rahoton kamfanonin adana tarihin bashi. Irin waɗannan kamfanoni uku ne ke da lasisin Babban Bankin Najeriya: CRC da FirstCentral da CreditRegistry. Nauyin da kowane bayani ke da shi a cikin lissafin sirrin kasuwanci ne, kamfanoni ba sa wallafa shi.

Abin lura shi ne na'urar ba ta auna gaskiya ko riƙon amana kai tsaye. Sawu take bi, wato alamun da rayuwar mutum ta bari a banki da waya. Wanda rayuwarsa ba ta barin irin wannan sawu, a wurinta tamkar baƙo ne da ba shi da mai shaida.

A nan ne yankin Arewa maso Yamma ke shiga matsala. Binciken da ƙungiyar EFInA ta fitar na shekarar 2023 ya nuna cewa kashi 26 cikin 100 na manyan 'yan Najeriya ba sa amfani da kowace irin hidimar kuɗi, amma a Arewa maso Yamma, inda Jigawa take, adadin ya kai kashi 47 cikin 100. Ko cikin waɗanda suka buɗe asusu, da yawa sun buɗe ne a lokacin ƙarancin takardun naira na farkon 2023, kuma har yanzu mafi yawan cinikinsu da tsabar kuɗi ne.

Malami da manomi a kan ma'auni ɗaya

Ga misali domin fayyace lissafin, da alƙaluman da aka ƙaddara kawai, ba na wani kamfani ba. A ɗauka mutum biyu ne a Wurno suka nemi bashin naira 100,000 a rana ɗaya cikin watan Yuni. Ɗaya malamin firamare ne mai albashin naira 90,000 a wata, wato naira 1,080,000 a shekara. Ɗayan manomin riɗi da gero ne wanda kuma yake kiwon tumaki, yana samun kusan naira 1,500,000 a shekara. Sai dai akasarin kuɗinsa na zuwa ne tsakanin Oktoba da Disamba, hannu da hannu, a kasuwanni irin su Sara da Babaldu.

A ɗauka manhajar tana raba maki 100 kamar haka: 40 ga shigar kuɗi a kai a kai cikin wata ukun da suka wuce, 30 ga tarihin biyan bashi, 15 ga daɗewa da layi da waya ɗaya, 15 kuma ga abin da ke kwana a asusu. Duk wanda ya kai 60 ya tsallake.

Albashin malamin yana shiga duk ƙarshen wata, sai ya samu 36. Ya taɓa cin bashin banki ya biya, da ɗan jinkiri sau ɗaya, sai ya samu 20. Layinsa ya shekara takwas, ya samu 12. Kuɗi ba sa kwana a asusunsa, ya samu 5. Jimla 73, ya wuce.

Shi kuwa manomin, wata ukun da aka duba su ne Maris da Afrilu da Mayu, lokacin da asusunsa ya fi kowane lokaci bushewa, sai ya samu 10. Shekara goma yana karɓar taki bashi a wurin dillali yana biya da kaka, ya kuma yi zubin adashe bai taɓa fashi ba, amma babu ko ɗaya daga cikinsu a rahoton CRC ko FirstCentral. An ba shi 10, makin wanda ba a sani ba. Tsohon layinsa na cikin waɗanda aka toshe lokacin haɗa layuka da lambar NIN, ya yanki sabo, ya samu 6. Ɗan abin da ya rage a asusu ya ba shi 8. Jimla 34, an ƙi shi.

Babu inda aka rubuta kalmar manomi ko ɗan ƙauye a cikin lissafin, kuma ma'auni ɗaya aka ɗora wa su biyun. Amma an sassaƙa ma'aunin ne daidai da rayuwar mai albashi. Wanda ya fi samun kuɗi, kuma ya fi daɗewa yana biyan bashi, shi ne ya faɗi.

Bayanan da ke tsaya wa wasu bayanai

Kamfani zai iya rantsewa cewa ba ya tambayar jinsi ko ƙabila ko addini, kuma ya faɗi gaskiya. Matsalar ita ce wasu bayanan na iya tsayawa a madadin waɗannan ba tare da an ambace su ba. Samfurin waya na nuna ƙarfin aljihu. Wurin da mutum yake zaune na nuna yanki, sau da yawa har da ƙabila da addini. Yadda ake amfani da layi na iya nuna jinsi, domin a karkara mata da yawa na amfani da wayar miji ko ta ɗa, ko layin da aka yi wa rajista da sunan wani.

Macen da ke sana'ar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa a cikin gida tana iya juya jarinta duk mako, amma idan kuɗin cinikin na shiga asusun mijinta ne ko na mai POS ɗin unguwa, sawun da ta bari ya zama na wani. Na'urar za ta ga namijin yana da kasuwanci, ita kuma ba ta da komai.

Misalin da ya fi shahara a duniya ya fito ne daga ɓangaren ɗaukar aiki. A watan Oktoban 2018 kamfanin dillancin labarai na Reuters ya ruwaito cewa Amazon ya yi watsi da wata manhajar tace takardun masu neman aiki da ya gina. An horar da ita ne da takardun da kamfanin ya karɓa cikin shekara goma, waɗanda akasarinsu na maza ne. Sai ta koyi rage maki ga takardar da ta ƙunshi kalmar da ke nuna mata, kamar shugabancin ƙungiyar wasan mata. Babu wanda ya umarce ta da hakan. Tarihin da aka ciyar da ita ta kwaikwaya.

A Najeriya abin kan zo ta hanya mafi sauƙi ma. Tun daga shirin N-Power da aka buɗe a 2016, ɗaukar aiki mai yawa ya koma intanet, kuma matakin farko shi ne kwamfuta ta gwada suna da ranar haihuwa a takardu daban-daban. A Arewa mutum ɗaya na iya zama Muhammad a takardar makaranta, Mohammed a BVN, Muhammadu a NIN, wani wuri da sunan mahaifi, wani wuri da sunan gari. Masu cin gajiyar N-Power da dama sun sha jinkirin alawus saboda rashin daidaiton suna da bayanan banki. Dokar tacewar iri ɗaya ce ga kowa, amma ta fi kama waɗanda tsarin sunansu bai bi na fam ɗin ba.

Kuskuren da ba ya bayyana

Akwai kuskure iri biyu da mai ba da bashi ke iya yi. Na farko ya bai wa wanda ba zai biya ba. Na biyu ya hana wanda da an ba shi zai biya. Na farkon yana bayyana nan take a littafin asara, kuma kamfani yana da kowane dalili na gyara shi. Na biyun ba ya bayyana ko kaɗan, domin wanda aka hana ya tafi, babu yadda za a yi a san da zai biya.

Wannan ne ke sa matsalar ke ciyar da kanta. Idan aka hana manoma a bana, baɗi babu manoma a cikin tarihin da za a sake horar da na'urar da shi. Za ta ƙara ƙwarewa a kan masu albashi da 'yan kasuwar birni, ta ci gaba da jahiltar sauran. Shi kuma wanda aka hana ba zai samu tarihin bashi ba, kuma rashin tarihin ne dalilin hana shi tun farko.

Binciken da masana tattalin arziki Laura Blattner da Scott Nelson suka fitar a Amurka a 2021 ya gano cewa makin bashi ya fi yin kuskure a kan masu ƙaramin ƙarfi da tsirarun jinsi, kuma babban dalilin shi ne ƙarancin bayanai a fayilolinsu. Wannan binciken a ƙasar da kusan kowa ke da asusu aka yi shi. A yankin da kusan rabin manya ba sa cikin tsarin, giɓin bayanan ya fi haka faɗi.

To mene ne adalcin?

A nan ne tambayar ta bar hannun masu rubuta manhaja ta koma ta ɗa'a. Ga wani misalin, shi ma da alƙaluman ƙaddarawa. A ɗauka masu albashi 100 da manoma 100 sun nemi bashin da za a biya bayan girbi, kuma a kowane rukuni mutum 80 za su biya, 20 ba za su iya ba.

Na'urar ta amince da masu albashi 75. Cikinsu 70 sun biya, 5 sun gaza. Ta amince da manoma 30. Cikinsu 28 sun biya, 2 sun gaza.

Kamfanin zai ce tsarinsa adali ne. Cikin waɗanda ya bai wa, kusan kashi 93 cikin 100 ne suka biya a kowane ɓangare, wato amincewarsa tana da ma'ana ɗaya ko wa aka ba. Wannan gaskiya ne.

Manoman kuma za su ce an zalunce su. Cikin masu albashi 80 na kirki, 10 kawai aka hana. Cikin manoma 80 na kirki, an hana 52. Mai albashi mai riƙon amana yana da damar kusan tara cikin goma, manomi mai irin amanarsa kuma ƙasa da huɗu cikin goma. Wannan ma gaskiya ne.

Akwai kuma ma'auni na uku, mai duba yawan waɗanda suka tsallake kawai. Ƙa'idojin ɗaukar aiki na gwamnatin Amurka na 1978 sun tanadi cewa idan adadin tsallakewar wani rukuni bai kai kashi huɗu cikin biyar na rukunin da ya fi kowa ba, alama ce ta nuna bambanci da ke buƙatar bayani. A misalin nan 30 a kan 75 kashi biyu ne cikin biyar, ya faɗi ƙasa sosai. 'Yan Najeriya sun san irin wannan tunani daga tsarin raba daidai da sashe na 14(3) na kundin tsarin mulki ya tanada a ayyukan gwamnatin tarayya.

Sai dai tilasta daidaita adadi kaɗai yana da nasa illar. A ɗauka an ce dole kamfanin ya bai wa manoma 75, ba tare da ya samu wani sabon bayani a kansu ba. Zai ƙara mutum 45 daga cikin 70 ɗin da suka rage, waɗanda 52 na kirki ne, 18 kuma ba za su iya biya ba. Tunda ba ya iya bambance su, kusan 12 daga cikin ƙarin za su gaza. Masu gazawa sun tashi daga 2 zuwa 14. Waɗannan ba asarar kamfani kaɗai ba ce, mutane ne da ruwa zai hau kansu, sunansu kuma ya shiga rahoton masu taurin bashi, wanda zai bi su zuwa kowane banki.

A 2016, bayan taƙaddamar da ta biyo rahoton ProPublica kan manhajar COMPAS da kotunan Amurka ke amfani da ita, masana lissafi irin su Jon Kleinberg da Alexandra Chouldechova sun nuna cewa idan rukunoni biyu sun bambanta a ainihin yawan abin da ake hasashe, ba zai yiwu tsari ɗaya ya cika manyan ma'aunan adalci duka a lokaci guda ba, sai dai idan hasashensa ba ya kuskure ko kaɗan. Ke nan dole wani ya zaɓi wanda za a fifita. Wannan zaɓi ba na kwamfuta ba ne. Mutane ne ke yinsa a ofis, kuma waɗanda zai shafa ba sa wurin.

Shin mutum ya fi na'ura adalci?

Ba lallai ba. Shirin Anchor Borrowers da aka ƙaddamar a Kebbi a Nuwamban 2015 ya dogara ne da ƙungiyoyi da jami'ai wajen tantance manoma, kuma ya sha ƙorafi kan shigar da waɗanda ba manoma ba da kuma rashin dawo da kuɗi. Duk wanda ya taɓa neman aikin gwamnati ya san darajar takarda daga babban mutum. Ga matashin da ba shi da uwa a gindin murhu, tsarin da ba ya ganin fuska na iya zama sauƙi.

Haka kuma ba kowace hanawa ce zalunci ba. Bashin kwana 30 mai ruwa mai yawa bai dace da amfanin gonar da sai ya yi wata uku ko huɗu kafin a girbe ba. Hana manomi irin wannan bashin na iya zama tsira gare shi. Sannan da yawa a yankin ba sa kusantar bashi mai ruwa saboda haramcin riba. Amma wannan bai fitar da su daga batun ba, domin bankunan da ba sa ta'ammali da ruwa, irin su Jaiz da TAJBank, su ma sai sun auna wanda zai iya biya kafin su saya masa kaya ta hanyar murabaha, kuma rahoton tarihin bashi iri ɗaya suke dubawa.

Bambancin na'ura da mutum a wurare biyu yake. Son zuciyar jami'i ɗaya yana tsayawa a teburinsa, kuskuren manhaja kuwa yana maimaituwa a kan dubban mutane iri ɗaya. Sannan jami'i ana iya tambayarsa dalili, a kawo masa mai unguwa ko liman ya yi shaida. Manhaja takan ce a sake gwadawa wani lokaci, shi ke nan. A gefe guda kuma, na'ura ta fi sauƙin bincike, domin duk hukuncinta a rubuce yake, ana iya ƙirga shi rukuni-rukuni idan akwai mai ikon neman a buɗe.

Abin da doka ta tanada

Hankalin hukumomin Najeriya ya fi karkata ga yadda ake karɓo bashi, saboda nan ne ɓarnar ta fi fitowa fili. A watan Agustan 2021 hukumar NITDA ta ci tarar Soko Lending naira miliyan 10 kan keta sirrin masu cin bashi, ciki har da aika saƙonni ga mutanen da ke cikin wayoyinsu. A watan Maris na 2022 hukumar kare haƙƙin masu sayayya, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasu kamfanonin a Legas, daga baya a shekarar ta fito da tsarin yi musu rajista. Daga ƙarshen Mayun 2023 Google ya hana manhajojin bashi shiga lambobin waya da hotunan masu amfani da su. A 2025 FCCPC ta fitar da cikakkun ƙa'idoji na bashin intanet masu ɗauke da tara mai nauyi.

Batun wa aka hana da kuma dalilin hana shi bai samu irin wannan kulawa ba, duk da cewa akwai madogara. Sashe na 37 na Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda aka sanya wa hannu a watan Yunin 2023, ya bai wa mutum haƙƙin kada a yanke masa hukunci mai babban tasiri ta hanyar na'ura kaɗai. Dokar ta yi togaciya idan hukuncin ya zama dole wajen ƙulla yarjejeniya, ko wata doka ta ba da dama, ko mutum ya amince. Manhajojin bashi na iya fakewa da ta farko da ta ƙarshe, tunda duk mai nema yana danna amincewa, galibi a kan dogon rubutun Turanci da bai karanta ba. To amma ko a cikin togaciyar, dokar ta ce dole a bai wa mutum damar neman ɗan'adam ya duba lamarinsa, ya faɗi nasa bayanin, ya kuma ƙalubalanci hukuncin. Hukumar NDPC ce ke da alhakin tabbatar da hakan.

Dokar rahoton bashi ta 2017 ita ma ta bai wa mutum damar ganin abin da aka rubuta a kansa da neman a gyara kuskure. Wannan na da amfani a aikace, domin wani lokaci dalilin hanawa tsohon bashi ne da aka biya amma ba a goge ba, ko wanda wani ya ci da BVN ɗin mutum bayan ya karɓi lambar da sunan zai yi masa rajistar tallafi.

Tarayyar Turai ta wuce nan. Dokarta kan ƙirƙirarriyar basira, wadda ta fara aiki a Agustan 2024, ta sanya manhajojin auna cancantar bashi da na tace masu neman aiki cikin rukuni mai babban haɗari, wanda aka ɗora wa sharuɗɗa kan ingancin bayanan horarwa da sa idon ɗan'adam.

Inda gyaran yake

Misalin manoma 100 ɗin ya nuna cewa maganin ba buɗe ƙofa ido rufe ba ne, a'a, a sa na'urar ta iya gane mutum 52 ɗin da take kuskurewa. Hanya ta farko ita ce faɗaɗa lokacin da ake dubawa daga wata uku zuwa shekara guda, domin kaka ta shigo cikin lissafi. Ta biyu ita ce karɓar shaidar da ke akwai a ƙasa, kamar littafin ƙungiyar manoma, da rasitan dillalan taki, da cinikin da ke bi ta na'urar POS, wanda kamfanoni irin su Moniepoint ke dogara da shi wajen bai wa 'yan kasuwa jari. Kamfanin Babban Gona, wanda ya fara a jihar Kaduna, ya bi wata hanyar, inda yake bayar da kayan noma bashi ta ƙananan ƙungiyoyin manoma da suka yarda da juna, a biya bayan girbi.

Ta uku tana da tsada amma ita kaɗai ke karya zagayen da aka bayyana a sama: kamfani ya riƙa bai wa wani ɗan kaso na waɗanda na'urarsa ta ƙi ƙaramin bashi da gangan, domin ya ga nawa ne za su biya. Ba tare da haka ba, ba zai taɓa sanin girman kuskurensa ba.

Ko wannensu na da farashi. Ƙarin bayani na nufin ƙarin leƙen rayuwar mutum, kuma talaka ne ake neman ya buɗe cikinsa domin a yarda da shi, alhali mai albashi takardar banki kaɗai ta ishe shi. Wannan karo tsakanin adalci da sirri na daga cikin abubuwan da hukumomi ba su warware ba.

Abin da FCCPC da NDPC da Babban Banki za su iya nema tun yanzu shi ne alƙaluma: mutum nawa suka nema, nawa aka bai wa, a kan wane ruwa, a rarrabe bisa jiha da jinsi da birni da karkara. Kamfanonin na da waɗannan bayanai. Har sai an fitar da su, manomin Wurno da aka hana ba shi da hanyar sanin ko shi kaɗai ne, ko kuwa duk wanda kuɗinsa ke zuwa sau ɗaya a shekara haka manhajar ke amsa masa.